Kafin Ka Karɓi Makulli: Yadda Ake Rubuta Kayan Gidan Haya

Rigimar mai gida da ɗan haya takan tashi ne ranar fita. Mai gida ya ce an fasa masa tayil, ɗan haya ya rantse haka ya tarar da shi, dillalin da ya haɗa su kuwa ya ce bai tuna ba. Daga nan sai kuɗin ajiyar da aka riƙe saboda ɓarna ya maƙale. Maganin wannan takarda ce guda, wadda ake rubutawa ranar shiga, kafin a sauke ko katifa.

A bi gidan ɗaki-ɗaki, da rana, mai gida ko wakilinsa yana tsaye. Kowane abu a ba shi layinsa: sunansa, adadinsa, halin da yake ciki, shekarunsa, kimarsa, da lambar hotonsa. Wurin da aka fi yin sakaci shi ne bayanin hali. Rubuta "lafiya lau" ba ya kare kowa. Abin da ke amfani shi ne a ce: "Fankar sama ta falo tana juyawa, amma tana ƙara a lamba ta uku," ko "tayil biyu sun tsage a bakin ƙofar banɗaki." A kunna kowane makunni, a buɗe kowane famfo, a ƙirga makullai. Wanda ya shiga gida da rani ya ɗaga kai ya dubi silin da kyau, domin tabon ruwa mai launin ƙasa alama ce ta yoyon da ba zai bayyana ba sai damina.

Kada a manta da mita. A rubuta lambarta da yunit ɗin da ya rage, a kuma bincika ko akwai tsohon bashi a kanta, don kamfanin wuta yakan cire bashin ne daga kuɗin da sabon mazauni ya saka.

Kowane abu yana son hoto biyu. Na farko daga bakin ƙofa, yadda za a gane ɗakin. Na biyu daga kusa, a ɗora makulli ko biro kusa da tsagar don girmanta ya fito. Firji, janareta, na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa suna buƙatar na uku: hoton allon da ke ɗauke da lambar ƙirarsu, saboda kada a ce an musanya. Idan za a tura ta WhatsApp, a zaɓi Document, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage ingancin hoto, tana kuma goge bayanin ranar ɗauka. A ƙarshe kowa ya sa hannu a kowane shafi, da kwanan wata da shaida, kowa ya riƙe kofi.

Sai batun kima, inda ake yawan cutar juna. Ɗan haya ba ya biyan tsufa. Fentin da ya koɗe bayan shekara biyu tsufa ne. Bangon da aka huda da ƙusa talatin ɓarna ce. Ko ɓarnar ce ma, adalci shi ne a biya abin da ya rage na amfanin kayan. Mu ɗauki misali: na'urar sanyaya ɗaki da aka saya naira 300,000, ɓangarorin biyu suka amince za ta yi shekara 10. Ke nan duk shekara tana rage 30,000. Ɗan haya ya same ta tana da shekara 4, ya zauna shekara 2, sannan ta lalace ta dalilin sakacinsa. Saura mata shekara 4, don haka 120,000 ne a kansa. Tun da farashi na hawa, ana iya yin lissafin da kuɗin sabuwa na ranar fita, amma a rubuta tun farko wanne za a bi.

Kayan ɗan haya na kansa kuwa, jeri daban zai yi musu da wannan tsari, ya haɗa da rasit, musamman idan zai yi inshora ko takaful. A nan haɗarin shi ne rage kima don kuɗin inshora ya yi sauƙi. Yawancin yarjejeniyoyi suna biya ne gwargwadon abin da aka sa: wanda kayansa suka kai miliyan 4 amma ya rubuta miliyan 2, in gobara ta cinye na miliyan 1, rabi za a ba shi. A sabunta jerin duk shekara, a ajiye kofinsa a imel ko wajen ɗan'uwa, domin takardar da ke cikin sif tare da kayan za ta ƙone.