Dalilin da ke sa murfin kwalba ya ƙi buɗuwa, da yadda ake shawo kansa

Sau da yawa idan murfin kwalbar jam ko ta zuma ya cije, abin da mutane ke fara yi shi ne su ƙara ƙarfi, ko su buga murfin a gefen tebur, ko su ɗauko wuƙa. Daga nan ne ake yankewa a hannu, ko bakin kwalbar ya ɓalle, ɓurɓushin gilashi ya faɗa cikin abin da za a ci. Alhali abubuwa biyu ne ke riƙe murfi, kuma maganin ɗaya ba shi ne maganin ɗayan ba.

Na farko ya shafi sabuwar kwalba wadda ba a taɓa buɗewa ba. A masana'anta ana zuba jam da zafinsa, a rufe nan take. Idan ya huce, tururin da ke saman kwalbar sai ya koma ruwa, iskar da ta rage a ciki ta yi ƙaranci, iskar waje kuma ta danne murfin. Wannan danni ba ƙarami ba ne. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowace murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1, murfi mai faɗin santimita 7 kuwa yana da murabba'in santimita kusan 38. Idan matsin iskar ciki ya ragu da rabi, tamkar an ɗora kilo 19 ne a kan murfin, yana matse robar da ke cikinsa da bakin gilashi. Mai murɗawa da wannan nauyin yake kokawa.

Ana gane wannan da duban tsakiyar murfin: zai kasance a lotse, kuma ba ya motsi idan an danna shi da yatsa. Maganinsa shi ne a bar iska ta shiga. A ajiye kwalbar a kan tebur, a riƙe ta da hannu ɗaya, a cusa bakin ƙaramin cokali ƙarƙashin gefen murfin, a tsakanin 'yan haƙoran da ke kama gilashin, sannan a ɗaga a hankali. Za a ji ƙara "ɓas", tsakiyar murfin ta taso, daga nan ko yaro zai iya murɗe shi. Cokali ya fi wuƙa nesa ba kusa ba, domin idan ya zame ba ya yanka.

Akwai abin lura ga mai saye da mai sayarwa. Sabuwar kwalbar da tsakiyar murfinta ta riga ta taso, ko murfin ya kumbura, alama ce cewa iska ta shiga ko abin da ke ciki ya fara lalacewa. Irin wannan ba ta cancanci a ci ba, balle a sayar.

Na biyu kuwa yana faruwa ne da kwalbar da aka saba buɗewa. Zuma ko jam kan ɗiga a bakin kwalba, a rufe a kai, ruwan da ke ciki ya bushe, sukarin ya daskare ya zama kamar gam tsakanin murfi da gilashi. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙwarai, abin ya fi saurin faruwa. A nan cokali ba shi da amfani, sai ma ya lanƙwasa murfin ya daina rufuwa da kyau. Ruwan zafi ake buƙata. A kifa kwalbar a cikin kwano mai ruwan da ya ɗara wanda hannu ke iya jurewa kaɗan, iya wanda zai rufe murfin kawai, a bar ta minti biyu zuwa uku. Ruwan zai ratsa ya narkar da sukarin, ƙarfen murfin kuma, da yake ya fi gilashi saurin ɗaukar zafi, zai ɗan buɗa kafin kwalbar ta bi shi. Buɗawar ba ta kai kaurin gashin kai ba, saboda haka narkewar sukarin ce ke yin mafi yawan aikin. Idan murfin na roba ne, kada ruwan ya yi zafi sosai, don robar na iya sauya siffa.

Kuskuren da ke fasa kwalba shi ne a fito da ita daga firji a tsoma a tafasasshen ruwa. Gilashi ba ya jure sauyin zafi na farat ɗaya, sai ya tsage. A bari sanyinta ya saki tukuna.

Bayan an fitar da ita, a tsane murfin da hannu da busasshen tsumma, a ɗaura robar ɗaure kuɗi mai faɗi a gefen murfin don kada ya zame, a murɗa zuwa hagu, wato saɓanin tafiyar hannun agogo. Idan ya buɗe, a wanke murfin, a goge bakin kwalbar da tsumma mai ɗan laima, a bari su bushe kafin a mayar.