Minti 15 a Gaban Malamai: Yadda Ake Tsara Kare Kundin Digiri

A yawancin jami'o'inmu kundin kammala digiri babi biyar ne, amma lokacin da ake ba ɗalibi ya kare shi bai cika wuce minti 10 zuwa 15 ba. Wanda ya ce sai ya bi babi-babi, yana tsakiyar bitar ayyukan magabata za a ce masa lokaci ya ƙure, bai ko taɓo sakamakonsa ba. Abin da malamai ke nema shi ne su ga kowace manufar bincike tana da hanyar da aka bi da kuma amsar da aka samu.

A ce ɗaliba ce a tsangayar aikin gona, ta gwada ajiyar wake a buhun PICS mai ruɓi uku da kuma buhun da aka saba. Minti biyun farko na matsala ne, kuma a taƙaice: ƙwari na huda wake a ajiya, ɗan kasuwa a Dawanau ya karya farashinsa. Sai manufofi, kada su wuce uku: auna yawan hudar, auna raguwar nauyi, kwatanta kuɗin da kowane buhu ke ci.

Hanyar bincike ta ɗauki minti uku. A nan ta faɗi buhu nawa ta yi amfani da su, wata nawa aka ajiye, da yadda ta ɗebi samfur, misali ƙwaya 100 daga kowane buhu tana ƙirga masu huda. Ta kuma faɗi dalili, domin tambayar da ke biyo baya ita ce, “Me ya sa buhu shida ba ashirin ba?”

Sakamako ne ya kamata ya ci kaso mafi tsoka, kamar minti biyar. Kowace manufa ta samu jadawali ɗaya a majigi, bisa jerin da aka kawo su tun farko. Kan jadawalin ya zama cikakkiyar magana, kamar “Huda ta fi yawa a buhun da aka saba.” Idan manufa ta uku ba ta da jadawali, malamai za su gane ba a yi aikin ba.

Wajen gudummawa ake yawan tuntuɓe. An riga an san buhun PICS na kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, don haka wannan ba sabon abu ba ne. Nata shi ne gwajin da ta yi a kan wani irin wake, a yanayin garinsu, da lissafin kuɗinsa. Ta kuma ambaci iyakar aikin da bakinta, cewa kaka ɗaya ta gwada, a ɗaki ɗaya, kafin wani malami ya riga ta faɗa.