Aiki Ɗaya, Albashi Biyu: Yadda Za Ki Gane Bambancin, da Yadda Za Ki Ta da Maganar

Galibi ba a ofishin shugaba ake fara gano wannan matsala ba. A ɗakin malamai ne, ko a bayan kantar shago, ranar da albashi ya shigo, wayoyi suka yi ƙara, wani ya faɗi abin da ya gani a tasa ba tare da ya yi tunani ba. Sai wadda ke zaune a gefensa ta yi shiru, domin aikinsu ɗaya, amma adadin da ya faɗa ya fi nata. Daga wannan lokaci hanyoyi biyu ne mutane suka fi bi: ko a haɗiye a ci gaba da guna-guni, ko a faɗa ofis da zafi a ce an yi zalunci. Duka biyun ba su cika ƙara ko sisi ba. Abin da ke aiki shi ne lissafi a kan takarda, sannan tambaya cikin natsuwa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi tiryan-tiryan. A ce wata malama ce a makarantar sakandare ta kuɗi a Kano. Tana koyar da lissafi, tana da digirin koyarwa, shekararta biyar a makarantar, tana shiga aji sau 24 a mako. Abokin aikinta namiji shi ma lissafi yake koyarwa, digirinsu iri ɗaya, shekararsa huɗu, yana shiga aji sau 22. Jimillar albashinta naira 85,000, nasa kuma 105,000. A ido, an ƙware ta da naira 20,000. Amma kafin ta ce komai, sai ta warware kuɗin gida-gida.

Kuskuren farko da ake yi shi ne kwatanta abin da ya shiga asusun banki. Wannan adadi ba ya faɗin gaskiya, domin an riga an cire haraji da fansho, wani kuma ana cire masa bashin da ya ci a wurin aiki ko kuɗin adashin ma'aikata. Mutum biyu masu albashi ɗaya na iya ganin adadi daban a wayoyinsu. Abin dubawa shi ne takardar albashi, inda aka rubuta gundarin albashi, da alawus na gida, da na sufuri, da sauran ƙare-ƙare kafin a cire komai.

Da malamar ta duba, sai ta ga gundarin albashinsu ɗaya ne, naira 60,000 kowa. Kuɗin sufuri ma ɗaya, 10,000. Shi yana da ƙarin 10,000 saboda shi ne jami'in jarrabawa, shi ke rajistar ɗalibai da zirga-zirgar ofisoshin WAEC da NECO. Wannan ƙari yana da dalili, domin aiki ne da ita ba ta yi. Saura alawus na gida: nata 15,000, nasa 25,000. Ke nan bambancin da ba shi da bayani naira 10,000 ne, ba 20,000 ba. Da ta shiga ofis da maganar 20,000, da mai makaranta ya tuna mata aikin jarrabawa, ya rushe maganarta gaba ɗaya, har da ɓangaren da take da gaskiya.

Kada a raina wannan 10,000. A shekara naira 120,000 ce, a shekara huɗu 480,000. Kuma tana bin mutum har bayan ritaya. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kuma kashi 10, kuma ana lissafa su ne a kan gundarin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan makarantar tana cikin tsarin, to duk wata malamar tana rasa naira 1,000 daga abin da makaranta za ta zuba mata a asusun fansho, ban da abin da ta rasa a hannu.

Ba kowane bambanci ne rashin adalci ba. Ƙarin takardar ilimi da aikin ke buƙata, daɗewa a aiki, ƙarin nauyi, aikin dare, ko ƙwazon da aka auna aka rubuta, duk dalilai ne karɓaɓɓu, matuƙar ma'aunin ɗaya ake yi wa kowa. Alamar matsala ita ce dalilin ya koma kan mutum ba kan aiki ba. Wani lokaci kuma ana ɓoye abin a cikin suna: a kira namiji jami'in kuɗi, a kira mace mataimakiya, alhali littafi ɗaya suke cikewa. Wani lokaci tun ranar ɗauka aka sa ta a mataki na ƙasa, domin shi ya yi ciniki ita kuma ta karɓi abin da aka ce, sai kowane ƙarin albashi na kashi cikin ɗari ya riƙa faɗaɗa tazarar. Akwai kuma wadda ake tsallake ta a ƙarin shekara don ta tafi hutun haihuwa.

Hujjar da aka fi ji a wurarenmu ita ce, shi magidanci ne, ciyarwa da kuɗin haya suna wuyansa, ita kuwa mijinta ke ɗauke da ita. Magana ce mai shiga kunne, amma ba ta jure gwaji. Makarantar ba ta biyan mai mata biyu fiye da mai mata ɗaya, ba ta kuma rage wa tuzuru albashi. Ba ta ƙara wa bazawara ko wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Ashe ba nauyin iyali ake aunawa ba, jinsi ake dubawa. Albashi ladan aiki ne, kuma ɗalibin da ya ci lissafi a hannun malama bai sami rabin ilimi ba.

Doka ma ta san da haka. Sashe na 17(3)(e) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa gwamnati tabbatar da biya ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da bambancin jinsi ba. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai ƙara kotu a kansa shi kaɗai. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne Yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1951, Nijar ta amince da ita a 1966, Najeriya a 1974. Yarjejeniyar ta wuce aiki iri ɗaya, ta haɗa da aiki mai daraja ɗaya, kuma a wurinta alawus ma albashi ne. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar wariya a wurin aiki da yin amfani da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Wannan sani na aljihu ne. Ba da shi ake buɗe magana ba.

Kafin ta nemi ganawa, malamar ta tara takardar ɗaukarta aiki, da takardun albashi na wata uku zuwa shida, da jadawalin darussanta, da sakamakon ɗalibanta. Idan ba a taɓa ba ta takardar sharuɗɗan aiki ba, ta fara da neman ta, domin sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin aikinsa da albashinsa cikin wata uku da farawa. Bayanin albashin abokin aikinta kuwa, ta tsaya ga abin da ya gaya mata da yardarsa. Kada ta buɗe fayil ɗin da ba nata ba, ko ta ɗauki hoton takardar akanta, domin hakan zai mayar da mai gaskiya mai laifi.

Sai zaɓen lokaci. Ba ranar biyan albashi ba, ba a gaban mutane ba, ba kuma a zauren WhatsApp na ma'aikata ba. A makarantar kuɗi, lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin sabon zangon karatu, lokacin da ake tsara kasafi. Ta nemi minti goma sha biyar, ta faɗi cewa a kan albashinta ne, don kada mutumin ya ji an yi masa kwanton ɓauna.

Bayan gaisuwa, tana iya cewa: "Ranka ya daɗe, shekarata biyar ke nan a nan, ina ɗauke da darasi 24 a mako. Ina so in fahimci yadda ake yanke alawus na gida, domin na lura akwai bambanci tsakanin waɗanda muke mataki ɗaya. Wane ma'auni ake bi?"

Ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta ce a rage wa wani ba, ba ta kuma yi zargi ba. Tambaya ta yi, kuma amsarta tana wuyan mai makaranta. Idan ya ce, "Malama, wa ya gaya miki albashin wani?" sai ta ce, "Yallaɓai, ba maganar wani na kawo ba, tawa na kawo." Idan ya ce, "Ai su maza suna da iyali," sai ta ce, "Na fahimta, ranka ya daɗe. Amma aikin da muke yi wa makaranta ɗaya ne, shi ya sa nake roƙon a daidaita nawa zuwa 25,000." Faɗin adadi yana da amfani, domin wanda ya ce a duba masa kawai, dubawar zai samu.

Idan ya ce babu kuɗi yanzu, ta tambayi yaushe, ta kuma nuna za ta karɓi gyaran a mataki biyu, 5,000 wannan zango, 5,000 na gaba. Ta guji cewa za ta ajiye aiki in ba da gaske take ba, domin magana zarar bunu ce. Bayan an tashi, a ranar ta rubuta gajeriyar wasiƙar godiya mai ɗauke da kwanan wata, da abin da aka tattauna, da ranar da aka ce za a ba ta amsa, ta riƙe kwafi.

Yadda za ta gane ko maganar ta shiga ba wuya. Wanda yake da niyya zai ba da ma'auni, ko rana, ko takarda. Wanda ba shi da ita zai riƙa sauya dalili: yau iyali, gobe ƙwazo, jibi tsadar rayuwa. Idan kuma bayan ganawar aka fara rage mata darussa ko jera mata takardun tuhuma, ta rubuta kowanne da ranarsa. Daga nan sai ƙungiyar ƙwadago in tana da ita, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharta, inda ake sasanta irin wannan saɓani. A Nijar, ofishin sufeton ƙwadago ne ke wannan aiki. Kotu ita ce matakin ƙarshe, kuma tana cin lokaci da kuɗin lauya, don haka a auna kafin a shiga.

Ga masu makarantu da asibitoci da kamfanoni kuwa, ku ɗauko jerin albashinku, ku rufe sunaye, ku bar mataki da shekaru da nauyin aiki. Duk bambancin da kuka kasa bayyanawa sai kun buɗe sunan, ku gyara shi tun kafin a zo a tambaye ku.