Jeri Ko Tebur: Yadda Kwamfuta Ke Adana Taswirar Hanyoyi

A ce garuruwa 10,000 ne, kowane da hanyoyi huɗu zuwa maƙwabtansa. Dabara ta farko tebur ce: kowane gari da layinsa, a layin akwai gurbin kowane gari, ko da hanya ko babu. Gurabe miliyan 100 ke nan, megabait 100 idan gurbi bait ɗaya ne, kusan dukansu fanko.

Ta biyu jeri ce: kowane gari a rubuta maƙwabtansa kawai. Lambobi 40,000 masu bait huɗu, kilobait 160, sai ɗan ƙari na alamar mafarin kowane jeri.

Amma idan kusan kowane gari na haɗe da kowane, jerin zai doshi megabait 400. A nan tebur ya fi, ga shi duba ɗaya ke nuna ko akwai hanya.