Danne Shafi Ko Rashin Masu Sha'awa: Yadda Ake Bambance Su

Shadoban, ko danne shafi kamar yadda wasu ke cewa, shi ne manhajar sada zumunta ta rage yawan mutanen da take nuna wa abin da mutum ya wallafa, ba tare da ta goge shi ko ta rufe shafin ba. Mai shafin yana ganin bidiyonsa, mabiyansa ma suna iya gani, amma an daina kai shi gaban baƙin da ba sa bin sa. Abin yana faruwa, kuma kamfanonin ba su ɓoye ba, duk da cewa ba sa son wannan sunan. Facebook ya wallafa jerin abubuwan da yake rage wa yaɗuwa a watan Satumba na 2021, Tuwita kuma ya fara liƙa alama a kan saƙonnin da ya taƙaita a watan Afrilu na 2023. Sai dai yanzu kalmar ta zama hujjar duk wanda kallonsa ya ragu. Daga masu tallar atamfa da wayoyi a Jega, zuwa dillalan albasa a Aliero da matasan Maiyama masu wasan barkwanci a Tiktok, da bidiyo ya tsaya a kallo ɗari uku sai a ce an danne shi, ko maƙiya sun kai ƙara.

Tushen kuskuren shi ne zaton cewa yawan mabiya alkawari ne na yawan masu kallo. Mutum zai ce yana da mabiya dubu goma sha biyu, to yaya za a yi mutum ɗari shida kaɗai su ga bidiyonsa in ba da wata maƙarƙashiya ba? Amsar ita ce manhajojin ba sa raba abu ga mabiya ɗaya bayan ɗaya. Tun watan Yuni na 2020 Tiktok ya bayyana cewa yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da kai tsaye ke sa ya tura bidiyo shafin `For You`, haka ma nasarar bidiyoyin mutum na baya. Abin da yake ba nauyi sosai shi ne ko mai kallo ya tsaya har ƙarshe. Ana fara nuna sabon bidiyo ga wasu 'yan mutane, idan sun tsaya sun kalla, sun tura wa wasu, sai a faɗaɗa. Idan sun zarce shi da yatsa, sai ya kwanta a nan. Facebook ma tun Janairun 2018 ya sanar da cewa zai fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci da na labarai. Saboda haka shafin da kaɗan daga mabiyansa ke ganin saƙonsa yana tafiya ne yadda aka tsara, babu wanda ya hukunta shi.

Ga kuma irin mabiyan da aka tara. Da yawa an same su ne ta hanyar “bi ni in bi ka”, ko rabon kati, ko ma sayensu aka yi da kuɗi. Wanda ya bi shafi don a tura masa katin ɗari biyar ba farashin buhun albasa ne ya kawo shi ba, kuma idan aka nuna masa bidiyon zai wuce cikin daƙiƙa biyu. Wannan wucewar ita manhajar ke ƙirgawa. Mai shafin da kansa ya tara taron da ke kashe masa kasuwa, sannan ya dawo yana neman wanda zai zarga. Abin haushi ne a ga mai sana'a da ba zai taɓa sayen buhu ɗaya bai kwance bakinsa ya duba ba, amma yana yanke hukunci a kan shafinsa ba tare da ya buɗe alƙaluman da ke cikin wayarsa kyauta ba.

A cikin alƙaluman nan amsar take, kuma tambayoyi biyu ne kawai: daga ina masu kallon suka zo, kuma me suka yi da suka zo? A Tiktok, ana buɗe bidiyon, a danna ɗigo uku, a shiga `Analytics`. Can za a ga matsakaicin lokacin kallo, `Average watch time`, da kason waɗanda suka kalla har ƙarshe, da kuma hanyoyin da kallon ya biyo, wato `For You` da `Following` da `Personal profile` da `Search`. A Instagram, `View insights` yana raba masu kallo gida biyu, mabiya da waɗanda ba mabiya ba.

A ɗauki misalin wani dillali a Aliero da ke ɗaukar bidiyon lodin albasa zuwa Kudu yana faɗin farashin ranar. A ce bidiyonsa na daƙiƙa 40 ya saba samun kallo 9,000, kashi 80 cikin ɗari daga `For You`, ana kallonsa daƙiƙa 18 a matsakaici. Sai na wannan makon ya tsaya a 600. Idan ya duba ya ga kashi 70 cikin ɗari na wannan 600 daga `For You` suka zo, amma matsakaicin kallo daƙiƙa 3 ne, to baƙi 420 aka nuna wa bidiyon suka ƙi tsayawa. Ƙofa a buɗe take, kayan ne ba su ja hankali ba. Sau da yawa idan ya sake kallon bidiyon da idon baƙo zai ga dalilin: daƙiƙa goma na farko sun tafi a sallama da gaishe-gaishe da iska tana kaɗa lasifika, farashin da aka zo ji bai fito ba sai can ƙarshe. Layin da ke nuna inda mutane ke ficewa zai faɗi warwas tun daga farko.

Amma idan kallon 600 ne ɗin dai, `For You` ya koma kashi 2 cikin ɗari, wato mutum 12, sauran duk daga mabiya da masu shiga shafinsa da kansu, kuma waɗanda suka gani sun tsaya daƙiƙa 19 kamar da, to nan akwai alamar an taƙaita bidiyon. Jimillar kallo iri ɗaya ce a yanayin biyu, shi ya sa wanda ke duban lambar da ke ƙasan bidiyo kaɗai ba zai taɓa gane wanne ya same shi ba.

Siffar faɗuwar ma tana magana. Rashin sha'awa yana zuwa a hankali kuma ba ya daidaita: yau 4,000, gobe 700, jibi wani ya tashi zuwa 6,000. Muddin bidiyo ɗaya cikin biyar na baya-bayan nan ya kai ga baƙi da yawa, shafin ba a danne yake ba. Taƙaitawar da ta shafi shafi gaba ɗaya kuwa takan zo rana ɗaya, ta hau kan duk abin da aka wallafa bayanta, mai kyau da marar kyau, kuma galibi akwai gargaɗi ko goge wani bidiyo kafin ranar. Bidiyo ɗaya ba ya isa hujja, awa ɗaya ma ba ta isa ba, domin wani lokaci sabon bidiyo yana jiran tantancewa kafin ya fara tafiya. A bari ya kwana biyu, sannan a jera alƙaluman bidiyo goma na ƙarshe a takarda a kwatanta.

Bayan alƙaluma sai a nemi shaidar manhajar da kanta. Tun Disambar 2022, sashen `Account Status` na Instagram yana nuna wa masu shafin sana'a ko ana iya tura abin da suke wallafawa ga waɗanda ba sa bin su, yana nuna misalin saƙon da ya jawo matsalar, da wurin neman a sake dubawa. Tiktok kuma yakan rubuta a cikin `Analytics` na bidiyon cewa bai cancanci shiga `For You` ba, tare da dalili da maɓallin ɗaukaka ƙara. Ana iya ƙara gwaji da wayar wanda ba ya bin shafin: ya rubuta cikakken sunan shafin a wurin bincike ya ga ko zai fito. Wannan gwajin yana da iyaka, don sakamakon bincike yana bambanta daga waya zuwa waya, kuma rashin ganin bidiyo a ƙarƙashin hashtag mai cunkoso ba ya tabbatar da komai. Haka nan rashin sanarwa ba ya wanke manhaja sarai, domin akwai ragin da ba ya kai rufewa, wanda ke da wuyar rabewa da rashin sha'awa. A irin wannan hali abin dubawa shi ne ko kayan da ake wallafawa suna cikin waɗanda aka riga aka ce za a rage.

Waɗannan kuwa sanannu ne. Akwai bidiyon wani da aka kwaso aka sake ɗorawa; tun Fabrairun 2021 Instagram ya ce yana rage tura bidiyon da ke ɗauke da tambarin wata manhaja irin Tiktok. Akwai tallar magani mai da'awar warkar da kowace cuta, da kayan mata da ake bayaninsu da batsa. Akwai hotuna masu tayar da hankali, kuma wannan ya shafi Aliero da ta yi suna wajen ɗorin karaya: bidiyon ƙafar da ta karye da jini a fili yana iya zama a shafi amma a ƙi kai shi ga baƙi, alhali bayanin mai ɗori da majinyacin da ya warke yana takawa ba shi da wannan matsalar. Sannan akwai roƙon a danna ko a rubuta wata kalma, wanda Facebook ya fara rage wa yaɗuwa a Disambar 2017. Wanda ke rubuta “duk wanda ya ga wannan ya rubuta amin don a sake ni” yana aikata ainihin abin da ake rage wa tafiya. Saƙon nan da ke yawo shekara da shekaru, mai cewa Facebook abokai 26 kaɗai yake nuna wa mutum sai ya kwafa ya liƙa, ƙarya ce da kamfanin ya musanta.

Sauran dalilan raguwar kallo ba sa buƙatar dogon bayani: hutun ɗaliban jami'ar Aliero, aikin gona da damina, ɗaukewar wuta, sauyin lokutan kallo da azumi, da tsadar data bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025.

Idan ta tabbata an taƙaita, a ɗaukaka ƙara daga inda sanarwar ta fito, ko a cire saƙon da aka nuna, a kuma daina irinsa. Goge bidiyo a sake ɗora shi sau biyar ba ya buɗe komai, buɗe sabon shafi kuma a ci gaba da ɗora kayan da aka saba zai kai ga inda aka baro. Idan kuwa rashin sha'awa ne, a gyara daƙiƙa ukun farko: farashi ko kayan su fara bayyana, gaisuwa ta biyo baya, a sauya abu ɗaya a kowane bidiyo don a san wanne ya yi aiki. Mafi muni shi ne miƙa kuɗi da lambar sirri ga mai cewa yana cire shadoban. Babu wani a wajen kamfanin da ke da wannan ikon, kuma wanda ya karɓi lambar sirri tare da lambobin da ake turowa ta saƙon waya ya karɓi shafin ke nan, har da amanar abokan cinikin da ke tura kuɗi ta sanadinsa. Duk mai shafi a Jega, Aliero ko Maiyama da kallonsa ya ragu, ya buɗe alƙaluman bidiyo goma na ƙarshe ya duba kason baƙi tukuna, kuma kada ya ba kowa lambar sirrinsa.