Zuzuta kaya a talla: yadda mai gaskiya ke kama da ɗan damfara

Ƙanena ya sa wayarsa a kasuwa, iPhone 11 ce, ya ɗora tallarta a Jiji da Facebook. Ga abin da ya rubuta: "Garaɓasa! Sabuwa dal, gangariya, babu irinta a duk Kano! Batir ɗari bisa ɗari. Yau kawai, wanda ya riga ya sha!" Aka yi kwana tara shiru. Mutum ɗaya ne ya yi magana, shi ma cewa ya yi, "Malam, a je a nemi sana'a."

Yaron ya zo mini ransa a ɓace. "Yaya, wallahi wayar nan lafiyarta ƙalau." Na ce na sani, ai na sha riƙe ta. Amma wanda ke karanta tallar bai taɓa riƙe ta ba, kalmomin kawai yake gani, kuma kalmomin da ka zaɓa su ne jarin ɗan damfara. Shi ba ya da waya a hannu, hoton wani ya sato. Ba zai iya faɗin inda ta ƙarzu ba, don bai taɓa ganinta ba, saboda haka sai ya cika talla da kirari, ya haɗa da gaggawa don a tura masa kafin alƙalami tun ba a yi tunani ba. Duk wanda aka taɓa yi wa haka, ko aka yi wa maƙwabcinsa, da ya ga "yau kawai" sai ya wuce.

Muka zauna muka bi tallar kalma bayan kalma, da tambaya guda: mai saye zai iya tabbatar da wannan da idonsa?

"Sabuwa dal" ce ta fara fita. A shekarar 2019 aka fitar da iPhone 11, shi kuma a hannu ya saye ta, ya yi shekara biyu yana mora. Maganar batir ta fi muni. Batirin waya raguwa yake da yawan caji, kamfanin Apple ma ya ce na irin wannan wayar an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. To, tsohuwar waya mai ɗari bisa ɗari, ko dai an canza mata batir, ko an yi wa lambar dabara, ko mai ita ƙarya yake. Duk yaron shago a Farm Centre ya san wannan. Na ce ya shiga Settings, ya taɓa Battery, ya duba Battery Health. Muka ga 81%. Ashe shi da ya ce ɗari bisa ɗari, nufinsa wai tana riƙe caji. Haka yawancinmu muke, ba ƙarya muka yi niyya ba, bakin kasuwa ne ya bi mu har cikin rubutu. A rumfa ana cewa "gangariya" mai saye yana juya kayan a hannunsa, ya yi dariya ya taya. A talla babu abin juyawa.

Sabuwar tallar ta zama haka: "iPhone 11, 64GB, baƙa. Na saye ta a hannu, shekararta biyu a wurina. Batir 81%, ba a taɓa canza shi ba. Face ID yana aiki. Akwai ƙarzuwa a kusurwar ƙasa ta dama, ga ta a hoto na uku. Babu kwali, akwai caja. Zan fitar da iCloud ɗina a gabanka. A zo a gani kafin a biya."

Kan ƙarzuwar nan muka fi ja-in-ja. Yana ganin tona wa kansa asiri ne. Na tuna masa cewa ko a karatun zaure an koya mana ɓoye aibin kaya haramun ne, sannan a kasuwance ma faɗin aibin shi ne shaidar cewa wayar tana hannunka. Ya goge hoton kamfani da ya ɗauko a intanet, ya ɗauki nasa a kan tabarma da hasken rana, har da hoton allon da ke nuna 81% ɗin.

Gyaran kalmomi yana da iyaka. In farashinka rabin na kasuwa ne, ko da wane ladabi ka rubuta, za a ce ruwa ba ya tsami banza, ko ta sata ce ko tana da ciwo. Kuma 'yan damfara ma sun iya rubuta lambobi, shi ya sa layin ƙarshe, a zo a gani kafin a biya, ya fi sauran nauyi.

A kwana na uku wani malamin makaranta ya kira, suka haɗu a bakin Farm Centre. Ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI da wadda ke jikin mazubin sim, ya duba batir, sannan ya juya wayar yana neman ƙarzuwar. Da ya same ta inda aka ce, sai ya nemi ragin dubu biyar saboda ita. Ƙanena ya ce albarka, suka daidaita a dubu uku.