Dutsen zobe: a nemi wanda ya kai bakwai

Me ya sa dutsen zobe yakan dushe, amma na 'yan kunne ya daɗe yana ƙyalli? Hannu ne ke shan gogayya.

A 1812 Friedrich Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu. Na sama yana kartar na ƙasa. Ƙurar da ke sauka a hannu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu taurin 7. Shi ya sa murjani, mai kusan 3 zuwa 4, yake dushewa idan ana goge shi kullum, yayin da yakutu mai 9 ba ya nuna alama.

Sai dai tauri ba ya hana fashewa: zumurrudu ya haura 7, amma bugu ɗaya kan iya tsaga shi. Don zobe ko munduwa na kullum, a nemi 7 zuwa sama, a kuma sa maƙeri ya kewaye gefen dutsen da ƙarfe.